Bayan Zani Ake Fara Dubawa: Yinin Wata Amarya a Kantin Kwari

Da hantsi mai Adaidaita Sahu ya sauke su a bakin Kantin Kwari, ita da gwaggonta. Saura makonni shida biki. Ango ya ce 'yan'uwansa mata suna nesa, don haka ya turo kuɗin lefe, ya ce amarya ta zaɓi abin da ranta yake so. Irin wannan tsari ya zama ruwan dare a Kano yanzu, amma nauyinsa ba ƙarami ba ne. Idan dangin ango suka haɗa lefe aka samu matsala, laifinsu ne. Idan kuwa amarya ce ta saya da hannunta, ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Ta shigo da takarda a jaka, ta jera abin da take so: Sufa uku, Holan biyu, leshi huɗu, shadda biyu, sai ƙananan atamfofi na zaman gida. A wayarta kuma akwai hotunan zanen da ta daɗe tana tarawa. Gwaggo, wadda ta shekara fiye da talatin a kan keken ɗinki, ba ta zo da takarda ba. Abin da ke jakarta farin hankici ne, da tef ɗin awo, da gorar ruwa.

Kwari, da ke ƙaramar hukumar Fagge, tana cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Gidaje ne masu hawa-hawa, kowane gida cike da shaguna da rumfuna, tsakaninsu lunguna waɗanda idan mai kura ya shigo da dila sai kowa ya manne da bango. 'Yan sari suna zuwa daga Maiduguri da Sakkwato, daga Maraɗi da Damagaram, har daga Chadi da Kamaru. Ba su yi taku ashirin ba wani saurayi ya sha gabansu. "Hajiya, kayan lefe ne? Ku zo, akwai Sufa sabon yayi, jiya aka sauke." Irin waɗannan samari ake kira 'yan kayi-nayi. Ba su da shago, sai su kai mai saye wurin mai kaya, ko su ɗauko kayan su kawo, su ɗora nasu a kai. Gwaggo ta ce a bi shi a gani.

Shagon yana can cikin lungu, an haskake shi da fararen ƙwayaye. Mai shago ya sauko da turmi cikin leda, shuɗi da ruwan goro, zanen da ke wayar amarya sak. Ga sitika a manne tana walƙiya, ga sunan kamfani. Da ya faɗi kuɗin sai zuciyarta ta yi fari, domin bai kai rabin abin da ƙawarta ta ce ta sayi irinsa ba. Har ta kai hannu jaka. Gwaggo ta dafa ta, ta dubi mai shago ta ce, "Alhaji, a buɗe mana mu gani."

"Ai Hajiya idan an buɗe leda, an saya ke nan."

"To ashe ba rabonmu ba ne," in ji Gwaggo, ta fara gyara mayafi.

Nan take aka buɗe.

Gwaggo ba ta ko kalli fuskar zanin ba. Ta kama kusurwa ɗaya ta naɗo ta, yadda baya da fuska za su kwanta kusa da juna, ta ce, "'Yar nan, me kika gani?" Amarya ta duba. A fuska shuɗin ya yi duhu, ya cika ido. A baya kuwa ya yi fari-fari, kamar zanin da ya kwana bakwai a kan igiya, har ana ganin farin zaren yana leƙowa. Gwaggo ta mayar da turmin cikin ladabi, ta yi godiya, suka fito.

Dalilin wannan dubawa yana cikin yadda ake yin atamfar kanta. Atamfa ta asali rinata ake yi, ba shafa mata launi ake yi ba. Ana ɗauko farin yadin auduga, a bi da shi tsakanin manyan sandunan tagulla masu juyawa, waɗanda aka sassaƙa zanen a jikinsu. Su ne suke ɗora narkakken ƙaro a kan yadin, gaba da baya a lokaci ɗaya. Daga nan a tsoma shi cikin rini, galibi shuni. Duk inda ƙaron ya rufe, rini ba ya shiga. Inda bai rufe ba, rini ya ratsa zaren har ɗaya gefen. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake ɗaure yadi da zare don a hana baba shiga wasu wurare, ya riga ya san dabarar, sai dai a nan ƙaro ne yake aikin ɗaurin. Shi ya sa atamfar da aka yi ta wannan hanya sai an lura sosai kafin a bambance fuskarta da bayanta.

Ɗaya nau'in kuwa bugu ne kawai. Inji ya buga launi a fuska ɗaya kamar yadda ake buga kalanda, ɗan abin da ya tsallaka baya ya tsallaka. Aikinsa ya fi sauri, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma ba laifi ba ne a yi shi ko a sayar da shi. Laifin yana farawa ne ranar da aka manna masa sunan wani.

Kafin su shiga wani shago, Gwaggo ta ja ta gefe, inda rana take faɗowa tsakanin gine-gine biyu, ta kama haɓar zanin da ke jikinta. Tsohuwar Holan ce da ta fito daga nata lefen. Ta nuna mata wasu sirara-siraran jijiyoyi na shuni da suka ratsa cikin zanen, da wasu ɗigo-ɗigo masu haske kamar kumfa. Jijiyoyin suna samuwa ne idan ƙaron ya tsattsage, rini ya bi tsagar. Ɗigon kuma wuraren da ragowar ƙaro ya maƙale ne lokacin da aka ɗora launi na gaba. Tun da ba wanda yake tsara yadda ƙaro zai tsage, ba za a samu wuri biyu a turmi ɗaya da jijiyoyinsu suka zama iri ɗaya ba.

Masu kwaikwayo sun san mata suna neman waɗannan alamomi, don haka sukan zana su a cikin bugun. Amma inji abu ɗaya yake maimaitawa. Gwaggo ta ce mata ta zaɓi fure ɗaya, ta kalli jijiyoyin da ke kansa, sannan ta nemi inda furen ya sake fitowa a gaba. Idan jijiyoyin sun dawo yadda suke, layi bisa layi, ɗigo bisa ɗigo, zana su aka yi. Idan sun sauya, ƙaro ne ya yi aikinsa.

Shago na biyu ya fi na farko girma, mai shi kuma dattijo ne mai fara'a. Amarya ce da kanta ta ce a buɗe mata, ta naɗo kusurwa. Baya da fuska suka zo ɗaya. Ta bi furanni biyu da yatsa, jijiyoyin suka bambanta. Ta ɗago cike da murna ta ce, "Gwaggo, wannan kam ta gaske ce!"

Dattijon ya yi murmushi. "Ta gaske ce, 'yata, amma ba Holan ba ce. Daga Chana take. Ki duba bakinta, sunanta ne a rubuce."

A nan amarya ta gane iyakar abin da ta koya. Duban baya da duban jijiya suna raba atamfar rini da atamfar bugu, amma ba sa faɗin ƙasar da aka yi ta. Masana'antun Chana ma suna yin atamfa da ƙaro, gaba da baya, wasu kuma suna sayar da ita da sunansu na kansu, kamar Hitarget da mata suka daɗe da sani. Wannan ba jabu ba ce. Kaya ne mai matsakaicin kuɗi da ya faɗi sunansa, aka sayar da shi a kan kuɗinsa. Jabu ita ce wadda aka yi a wani wuri, aka rubuta mata sunan Holan a baki, aka karɓi kuɗin Holan ko kusa da shi.

Sunayen da mata suke kira a kasuwa kowanne yana da inda ya fito. Holan da Sufa duk na kamfanin Vlisco ne, wanda yake garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846. Turawan ƙasar sun koyi wannan sana'a ne daga rinin kakin da mutanen tsibirin Jaba na Indunusiya suke yi da hannu, suka mayar da ita aikin inji, kasuwarta kuma ta buɗe a Afirka ta Yamma. A 1973 kamfanin ya fito da Sufa, wadda audugarta ta fi laushi, saƙarta ta fi matsewa. Ingila, wato ABC, a kusa da birnin Manchester aka daɗe ana yin ta, daga baya aikin ya koma Akosombo a Gana. Kodebuwa kuwa ta kamfanin Uniwax ce da ke Abijan. A gida ma an yi zamanin da atamfar Kaduna da ta Ikorodu suke cika akwatunan lefe, kafin masaƙu su durƙushe. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsayar da aiki a 2007. Giɓin da suka bari shi kayan Chana suka cike, masu kyau da marasa kyau.

Dattijon ya ga suna son sani, sai ya sauko da Sufa ta asali daga can saman kanta, ya ajiye ta kusa da ta Chanar. Ya ce a fara da baki. A bakin zanin, wato farin layin da ke bin tsawon turmin, akwai sunan kamfani da lambar zane, ana maimaita su daga farko har ƙarshe. Ya nuna musu cewa lambar da ke baki ita ce a jikin sitikar da aka manna. Idan ta baki daban, ta sitika daban, ba sai an ƙara duba komai ba. Ya ce a lura da rubutun ma: na asali yana fita tsaf, haruffa a jere, na jabu kuwa sau da yawa yakan yi jirwaye, ko a tarar an sauya harafi ɗaya a cikin sunan, yadda mai gaggawa ba zai kula ba.

Amma shi da kansa ya ƙara da cewa kada su dogara da rubutu kaɗai. Sitika takarda ce, ana buga ta. Lamba ma ana kwafa. Zane kuwa, da zarar sabo ya fito aka ɗauki hotonsa a waya, ba ya daɗewa kwaikwayonsa ya iso kasuwa. Rubutu yana iya kama jabu, amma ba ya isa ya wanke zani shi kaɗai.

Sai aka zo ga hannu. Gwaggo ta ce ta rufe ido ta shafa su biyun. Amarya ta ce ta Chanar ta fi tauri, har tana ƙara idan an motsa ta, Sufar kuwa tana da santsi da sanyi, tana zubowa a hannu. Da can ta ɗauka tauri shi ne inganci. Gwaggo ta kama gefen wani turmi mai araha da ke kusa, ta murza shi tsakanin yatsu kamar mai wanki, ta sake. Wurin ya yi laushi laƙwas, ya bar ɗan farin gari a yatsanta. Sitaci ne da sauran abin da ake cika yadi da shi don ya yi jiki a kan kanta. Wanki ɗaya yake tafiya, a bar mace da zani shara-shara. Sannan ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta fuskanci ƙofa. A jikin mai arahar haske yana ratsowa ta ƙananan ramuka tsakanin zare da zare. A jikin Sufar saƙar ta haɗe, hasken ya bazu bai ɗaya.

Da izinin mai shago, Gwaggo ta jiƙa hankicinta da ruwan gora, ta goga a can ƙarshen mai arahar, a kan jan launi. Hankicin ya ɗauko ja. Wannan ita ce atamfa mai zuba, wadda ranar wankin farko jan zai bi farin ya ɓata shi. Ta gargaɗi amarya cewa ko ta asali, musamman mai shuni da yawa, takan saki ɗan launi a ruwan farko, domin ragowar rinin da bai kama ba ne yake fita. Bambancin shi ne ita idan ta bushe tana nan yadda take, launi bai hau kan launi ba.

Abu na ƙarshe da aka yi wa atamfa shi ne awo. Turmi yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, jimla inci 216, kusan mita biyar da rabi. Gwaggo ba ta warware turmin duka ba. Ta auna tsawon ninki ɗaya, ta ƙirga yawan ninkin, ta lissafa. Sufar ta cika. Wani turmin da ɗan kayi-nayin ya biyo su da shi har shagon, yana rantsuwa Holan ce, ya tsaya a inci 198, wato yadi biyar da rabi. Ga mai ɗinki rabin yadi ba ƙaramin abu ba ne. Riga da zani da ɗankwali ake fitarwa daga turmi, kuma idan ya gaza, ɗankwalin ne yake ƙanƙancewa, ko tela ya kira amarya ana saura kwana uku ya ce hannun riga bai fita ba.

Suka yi ciniki da dattijon. Da aka lissafa, kuɗin da ta ware wa Sufa uku ya tsaya a biyu. Ta ɗan yi shiru. Sannan ta ce a ba ta biyun, a ƙara mata ta Chanar guda biyu da sunansu, na zuwa unguwa. Gwaggo ta sa aka rubuta rasiɗi, kuma ta nace a rubuta sunan kowace atamfa da lambarta, ba "atamfa huɗu" kawai ba. Shago mai mazauni da rasiɗi mai suna su ne abin da mutum zai riƙe idan magana ta kai ga shugabannin kasuwa. Wanda ya sayar a tsaye a bakin lungu, gobe ba lalle a same shi a wurin ba.

Bayan sallar azahar suka nufi masu shadda. A nan dubawar ta sauya, domin shadda ba a buga mata zane. Furannin da ake gani a jikinta saƙa su aka yi, zare yana hawa yana sauka, shi ya sa suke bayyana suna ɓacewa idan an juya ta a haske. Wadda ake kira gezna sunan kamfanin Getzner ne, da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1818. Darajarta tana cikin siririn zaren auduga da yawansa a saƙa, sai kuma matsa da gugar da inji yake yi mata har ta ɗauki sheƙi. Mabugan Kano da suke dukan shadda a kan gungume da manyan sanduna, irin wannan sheƙin suke dawo da shi bayan wanki.

Matsalar shadda ita ce ƙyalli yana ruɗin ido, kuma fitilar shago tana taimaka masa. Amarya ta ɗauki wata ruwan hoda da ta fi kowace walƙiya. Gwaggo ta ce a fita da ita bakin ƙofa. A hasken rana sai ƙyallin ya koma irin na leda, yana kwance a sama, furannin kuma manya-manya ne, gefensu bai fita sosai ba. Ta kusa da ita, wadda a cikin shago ta fi kama da marar hayaniya, a rana sai sheƙinta ya fito daga cikin saƙar, kowane ganye da iyakarsa. Gwaggo ta ce ta ɗora kowacce a kumatunta. Ɗaya ta yi sanyi, ɗayar kuwa ba ta ɗauki sanyi ba, tana da sulɓi irin na roba. Ƙamshi ma ba shaida ba ne. Gaskiya ne gezna tana zuwa da ƙamshinta, amma turare abu ne da kowa zai iya fesawa.

Gwajin da yake yanke hukunci a kan roba shi ne wuta, kuma ba a yin sa a cikin kasuwa. Kwari ta sha gobara, ba wanda zai yarda a ƙyasta ashana kusa da dila. Gwaggo ta roƙi mai shagon ya tsinko mata 'yan zaruruwa daga yankakken gefen kowacce, na tsaye da na kwance, ta ƙulle su daban-daban a takarda. Suka yi alkawarin dawowa washegari. Mai shagon bai ji haushi ba, ya ce in dai za a dawo, a ɗauka.

A wurin masu leshi ba su daɗe ba, domin hannun amarya ya fara sabawa. Leshin da ake kira na Siwis, asalinsa aikin garuruwan St. Gallen a Siwizalan da Lustenau a Ostiriya ne, kuma shi ma an cika kasuwa da masu aron sunansa. Ba ta jira an ce mata ba, ta juya baya. A wani ta ga zaruruwa suna reto tsakanin fure da fure, a wani kuwa bayan ya yi tsaf. Ta sa farce a ƙarƙashin dutse ɗaya, ta ji yana ɗagowa, alamar gam ɗin bai kama ba, irin wanda amarya za ta tashi daga kujera a wurin kamu ta bar duwatsu a ƙasa. Ta ja gefen wani rami a hankali ta ga ko zaren zai warware. Ta zaɓi uku, ta bar na huɗun sai wani zuwan.

Da daddare, a tsakar gida, Gwaggo ta ajiye kwanon ruwa a gefe, ta ɗauko tire na ƙarfe da ashana. Ta kama zaren farko da hantsaki ta kai shi ga wuta. Ya kama nan da nan, ya ci da harshe rawaya, ya bar wari irin na takardar da ta ƙone. Da wutar ta mutu bakinsa ya ci gaba da ja na ɗan lokaci, sannan ya zama toka mai laushi. Amarya ta murza ta a yatsa, ta baje kamar gari. Auduga ke nan.

Zare na biyu, na shadda mai walƙiyar nan, tun kafin wuta ta taɓa shi ya fara nannaɗewa yana ja da baya. Ya narke, ya yi baƙin hayaƙi mai warin leda, ya dunƙule. Da ya huce ta danna shi, ta ji ƙwallo mai tauri da ba ya murƙushewa. Foliyesta ne, abin da mata suke kira roba-roba. Gwaggo ta ce akwai na uku, wanda aka gauraya: zai yi toka, amma a cikinta za a ji ɗan tsakuwa mai tauri. Shi ya sa take gwada zaren tsaye daban, na kwance daban, don wani yadin ɗaya auduga ne, ɗayan roba. A leshi kuwa jikin yadin ake gwadawa, ba zaren ado ba, domin ko mai tsada sau da yawa da wani zare mai sheƙi ake yi masa aikin.

Amarya ta tambaya ko robar tana da wani aibu bayan tsadar da aka ɗora mata. Gwaggo ta tuna mata cewa a watan Afrilu za a yi bikin. Auduga tana shan gumi, iska tana ratsa ta. Roba ba ta sha, sai ta riƙe zafi a jiki, mace ta yini tana jiƙewa a ciki. Dutsen guga mai zafin da ya dace da auduga yana iya ƙona ta, ya bar tabo mai ƙyalli. Ga kuma ranar da za a buɗe akwatuna a gaban mata. A cikin masu ganin lefe ba a rasa irin Gwaggo, waɗanda za su ɗauki turmi su naɗo kusurwa ba tare da sun ce uffan ba.

Washegari ita kaɗai ta koma, Gwaggo tana da ɗinkin da za a karɓa. Ta sayi shadda mai sanyin nan, guda ɗaya maimakon biyu, ta sa aka rubuta sunanta a rasiɗi. A hanyar fita ta tsaya wurin masu kayan anko, domin ƙawayenta goma sha biyu suna jiran ta zaɓa musu. Mai rumfar ya miƙo wani turmi kore, ya ce Kodebuwa ce. Ta ce a buɗe. Ta naɗo kusurwa, ta duba baki, ta ɗaga a haske, ta murza gefe.

"Malam, wannan bugu ce. Amma zanen ya yi mini, kuma anko ne, na yini ɗaya. Nawa za ka ba ni a kan kuɗinta na gaskiya, idan zan ɗauki goma sha biyu?"

Ya dube ta, ya dubi tef ɗin Gwaggo da ke leƙowa daga jakarta, ya jawo mata benci ya ce ta zauna a yi magana.